Lokacin da idon jama'a ya fara tsallake mace

Yawancin matan da suka haura shekara arba'in da biyar, idan aka tambaye su ranar da suka fara jin cewa sun manyanta, ba madubi suke fara ambata ba. Abin da suke tunawa shi ne wani ɗan ƙaramin al'amari da ya faru a cikin mutane: ranar da mace ta shiga wani wuri tare da ƙanwarta ko 'yarta, mai karɓar baƙi ya miƙe da fara'a ya tarbi yarinyar, ita kuwa ya bar ta tsaye kamar 'yar rakiya, ko ranar da wani magidanci da bai fi ta da shekara biyar ba ya kira ta da "Mama". Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya yi mata rashin kunya, hasali ma girmama ta aka yi, amma ta koma gida da wani nauyi a zuciya wanda ba ta san sunan da za ta ba shi ba. Wannan nauyin shi ne abin da nake son warwarewa, domin a ganina abubuwa uku ne daban-daban suke cuɗewa su zama shi, kuma mafi yawan wahalar da mata ke sha tana zuwa ne daga neman maganin ɗaya a wurin ɗaya. Akwai canjin da jiki yake yi, akwai canjin yadda mutane suke kallo, sannan akwai idon da mace take kallon kanta da shi.

A fara da jiki, tunda shi ne ya fi sauƙin aunawa. Yawancin mata suna daina ganin al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma shekaru kaɗan kafin hakan sinadarin istirojin, wanda ƙwayayen haihuwar mace ke samarwa, yakan fara hawa da sauka har ya ragu sosai. Istirojin ba a harkar haihuwa kaɗai yake aiki ba, yana cikin abubuwan da ke riƙe kaurin fata da damshinta, ta hanyar taimaka mata wajen ƙera kolajin, wato zaren da ke sa fata ta tsaya da ƙarfinta. Likitocin fata suna ƙiyasta cewa mace kan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin ɗin fatarta a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada, daga nan kuma asarar ta lafa zuwa kimanin kashi 2 cikin 100 a kowace shekara. Wannan shi ya sa mata da dama suke cewa tsufan ya zo musu dare ɗaya, kuma ba ƙarya suka yi ba. Namiji fatarsa tana sirancewa a hankali cikin shekaru masu yawa, ita kuwa mace wani babban kaso na canjin yana taruwa ne a ɗan taƙaitaccen lokaci. A daidai lokacin ne kuma kitsen jiki kan sauya mazauni, ya bar ƙugu da cinyoyi ya koma ciki, gashi ya yi laushi ya rage yawa, barci ya lalace saboda zafin jiki da gumin dare, wanda shi ma yana bayyana a fuska da safe. Mai baƙar fata takan daɗe ba ta ga tamoji ba, saboda melanin, sinadarin da ke ba fata launinta, yana kare ta daga wani ɓangare na ɓarnar rana, amma nata tsufan yakan fito ta wata ƙofar: launin fuska ya rarrabu, wani wuri ya fi wani duhu, kumatu su ɗan sauko, ƙasan ido ya zurma.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai isa ya bayyana abin da ya faru a bakin ƙofar can ba. Mijin wannan matar, wanda wataƙila ya girme ta da shekara goma, shi ma ya yi furfura, ya yi tumbi, gaban kansa ya yi sanƙo, amma idan ya shiga wuri sai a ga kamala da kwarjini. Ko a harshenmu ana iya jin bambancin: idan aka ce wa mutum "dattijo" an yaba masa hali ne, ba shekarunsa kawai aka ƙirga ba, amma idan aka ce mace "ta kwana biyu" kowa ya san ba yabo ba ne. A shekarar 1972 marubuciyar nan Ba'amurkiya Susan Sontag ta yi wani rubutu da ya shahara a kan wannan, inda ta nuna cewa mudu biyu ake auna tsufa da shi. Namiji yana da kyau iri biyu da aka yarda da su, na saurayi da na magidanci, yana fita daga ɗaya ya shiga ɗaya ba tare da ya yi asara ba. Mace kuwa iri ɗaya aka ware mata, na budurwa, don haka kowace shekara da ta ƙaru nisanta take yi daga ma'aunin da aka ɗora ta a kai.

Abin da ta faɗa da hasashe, daga baya an gan shi a ƙididdiga. A 2018 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Michigan, Elizabeth Bruch da Mark Newman, sun duba saƙonnin da mutane ke aika wa juna a wani dandalin neman abokin zama a manyan birane huɗu na Amurka, suka ga cewa farin jinin namiji yana ta hawa har zuwa wajen shekara 50, na mace kuwa yana kan ƙololuwarsa a shekara 18, daga nan sai gangara. Adadin yana da ɗaga hankali, amma ya kamata a san iyakarsa. Abin da aka auna shi ne wanda baƙo yake zaɓa ya aika wa saƙo bayan ya kalli hoto na 'yan daƙiƙoƙi, ba wanda mutum yake ƙauna bayan ya san shi ba, kuma wurin da hoto ne kaɗai jarin mutum dole ne ƙuruciya ta yi rinjaye a cikinsa. Wanda ya fi damuna shi ne na wurin aiki, domin a nan abincin mutum ake taɓawa. Masanin tattalin arziki David Neumark da abokan aikinsa biyu sun aika da takardun neman aiki na ƙirƙira sama da 40,000 zuwa ga masu ɗaukar ma'aikata a Amurka, inda suka bambanta shekarun masu neman, sai suka tarar cewa ana rage kiran mutum yayin da shekarunsa suka ƙaru, kuma shaidar wannan wariya ta fi ƙarfi a kan mata. A waɗannan takardu ba a ga fuskar kowa ba. Shekarar gama makaranta kawai ta isa a zana wa mace hoto a zuci a ajiye takardarta gefe.

Akwai masu cewa wannan duk halitta ce, wai namiji yana karkata ga ƙuruciya ne saboda alamar haihuwa ce. Ban musa cewa akwai ƙamshin gaskiya a ciki ba, amma bayanin gajere ne. Yana iya faɗa mana dalilin da mai neman aure zai kalli budurwa, ba zai faɗa mana dalilin da za a ƙi kiran ƙwararriyar akanta ganawar aiki ba, ko dalilin da za a katse wa mace magana a taro alhali ita ta fi kowa sanin abin da ake tattaunawa. Abin da ke faruwa shi ne, an saba ba mace kulawa a matsayin ladan kyanta, tun daga gaisuwa har sauraro, to idan aka ga kyan ya fita daga ma'auni sai a janye har da kulawar da ba ta da alaƙa da sha'awa ko kaɗan.

Abu na uku shi ne mafi wuyar gani, kuma shi ne mace ta fi iko a kansa. Masana halayyar ɗan'adam biyu, Barbara Fredrickson da Tomi-Ann Roberts, sun bayyana a 1997 yadda yarinya, saboda yawan kallo da tsokacin da ake yi wa jikinta tun tana ƙarama, take koyon kallon kanta daga waje, kamar wani ne ya tsaya yana duba ta. Tana tafiya tana lissafin yadda tafiyar take a idon mai kallo, tana dariya tana tunanin haƙoranta. Muddin abin da idon nan yake gani yana samun yabo, ba a cika jin nauyinsa ba. Amma idan shekaru suka ja, wannan baƙon ido da ta ɗauko ta zaunar a cikin kanta sai ya koma mai gabatar da ƙara, kuma ba ya tashi daga aiki ko tana ita kaɗai a ɗaki. Mutumin da ya tsallake ta a bakin ƙofa ya yi abinsa cikin daƙiƙa uku ya manta, ita kuwa za ta iya maimaita wa kanta abin har mako guda.

Ba a kan jin daɗi kawai abin ya tsaya ba. Becca Levy ta Jami'ar Yale ta wallafa wani bincike a 2002 a kan mutum 660 a jihar Ohio, waɗanda aka tambaye su yadda suke kallon tsufansu, aka kuma bi diddigin rayuwarsu fiye da shekara ashirin. Waɗanda suke da kyakkyawan zato ga tsufan nasu sun fi sauran tsawon rai da kimanin shekara bakwai da rabi, ko bayan an yi la'akari da lafiyarsu da halin rayuwarsu na farko. Irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa tunani shi kaɗai ne sanadi, amma hanyar ba ta da wuyar fahimta: wadda ta yanke hukuncin cewa tata ta ƙare ba za ta damu da motsa jiki, ko zuwa asibiti, ko fita cikin mutane ba.

Mu ɗauki misalin mace mai shekara 48, malamar makaranta, wadda al'adarta ta fara tsallake watanni. Ta lura wasu baƙaƙen tabo sun fito mata a kumatu da goshi, fuskarta ta bushe, kuma a wani hoton taro da aka ɗauka ta ga kanta kamar ba ita ba. A makon nan ne kuma aka ba wata sabuwar malama aikin tarbar baƙi, aikin da ita ta shekara goma tana yi. Abubuwa ukun nan duk sun haɗu mata a lokaci guda, amma ita abu ɗaya ta gani, wato fuskar. Sai ta sayi wani haɗin man shafawa marar takardar bayani da aka ce yana goge tabo ya maido da ƙuruciya. A makonni uku na farko abin ya yi kamar sihiri, fata ta yi haske da santsi, har ana tambayarta sirrin. Wannan saurin shi ne alamar farko ta haɗari, domin babu wani magani na gaskiya da ke gyara fata cikin kwana ashirin. Irin waɗannan haɗe-haɗe sukan ƙunshi sitiroyid mai ƙarfi, ko haidirokwinon, wani lokaci har da sinadarin makuri. Sitiroyid yana sirantar da fata, wato yana yin daidai abin da tsufa yake yi amma da gaggawa. Bayan wasu watanni sai ta fara ganin ƙananan jijiyoyi suna bayyana a kumatu, ƙuraje suna fesowa, gashi yana tsirowa inda ba ya fitowa da, rana kaɗan ta taɓa ta fuskar ta ɗauki raɗaɗi. Idan ta daina shafawa kwana biyu sai fuskar ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, duhun ya dawo fiye da na da, don haka sai ta koma. Haidirokwinon kuma, idan aka daɗe ana shafa shi ba tare da kulawar likita ba, yana iya haifar da wani duhu mai kama da toka-toka ko shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, wanda yake da matuƙar wuyar magani. Shi kuwa makuri ƙoda yake lalatawa da jijiyoyi. Ta fita neman rage shekara biyar, ta dawo da ƙarin goma, kuma aikin tarbar baƙin bai dawo ba, tunda dama ba a cikin kwalba yake ba.

Da ta raba matsalolin nata tun farko, da kowace ta sami abin da ya dace da ita. A ɓangaren fata abubuwan da aka tabbatar suna aiki kaɗan ne kuma ba su da armashi. Na farko shi ne kariya daga rana, da inuwa da kuma man kariya mai lambar SPF 30 ko sama, kullum, domin hasken rana ne yake ƙara duhun tabon, kuma baƙar fata ba ta tsira daga wannan ba. Na biyu man da ke riƙe damshi. Na uku dangin ritinol, musamman tiretinoyin da likita ke rubutawa, wanda ake farawa da ɗan kaɗan da dare, sau biyu ko uku a mako, yana sa bushewa da saɓa a farko, kuma sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga bambanci. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi. Barin taba yana cikin lissafin, haka ma sassauta kitso mai ɗaure goshi, wanda yake cinye gashin gaban kai a hankali. Allurar botoks, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don kwalliya a 2002, tana sassauta tsokar da ke naɗe goshi, amma aikinta wata uku zuwa huɗu ne sai an sake, kuma ba ta ɗaga kumatun da suka sauko. Idan zafin jiki da rashin barci ne suka fi damunta, wannan magana ce ta likita, akwai maganin maye gurbin sinadaran da suka ragu, wanda yake dacewa da wasu matan, ba ya dacewa da wasu, gwargwadon tarihin lafiyarsu.

Ba na cikin masu ganin cewa macen da ta rina furfura ko ta yi kwalliya ta ci amanar kanta. Gyara jiki daɗi ne, kuma wadda ta san ana auna ta da ido a wurin aiki ba wauta ta yi ba idan ta yi shiri. Ma'aunin da nake ganin ya fi amfani shi ne mace ta tambayi kanta abin da zai faru ranar da ba ta yi ba. Idan za ta iya fita haka nan ta yi harkokinta, to kwalliyar tata ce. Idan kuwa za ta fasa zuwa taro, ta ƙi shiga hoto, ta ci bashi don wani sabon haɗi, ko ta riƙa duba fuskarta sau goma kafin azahar, to abin ya tashi daga ado ya koma tsaro, kuma mai tsaro ba ya hutawa.

Shi wannan idon na ciki ba a rufe shi da cewa "ai har yanzu ina da kyau", domin wannan amsa ce a cikin kotun da ta riga ta yarda da ikonta. Abin da ya fi tasiri shi ne a mayar da hankali daga yadda jiki yake a ido zuwa abin da yake iya yi, kuma wannan da aiki ake samunsa, ba da lallashin kai ba. Daga shekara 30 mutum yana rasa kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma, bayan ɗaukewar al'ada kuma ƙashin mace yana saurin raguwa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar motsa jiki mai ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Malamar nan idan ta fara da tashi da zama daga kujera sau goma ba tare da dafa hannu ba, ta maimaita sau uku, ta haɗa da ɗaga wani abu mai ɗan nauyi, cikin wata biyu za ta ga tana hawa bene ba ta haki. Amfanin wannan ga ƙashi da tsoka a fili yake, amma akwai wani na daban: a karon farko cikin shekaru ta sami wani ma'auni na jikinta wanda yake hawa maimakon sauka, kuma ba wani ne yake riƙe da shi ba. Sai kuma ta lura da abin da take gwada kanta da shi. Yawanci abu biyu ne, hotonta na shekara ashirin da biyar, da hotunan matan da aka tace fuskokinsu da manhaja a waya, kuma dukansu biyun ba fuskar wata mai rai ba ce a yau. Zama da sa'o'inta, da matan da suka girme ta waɗanda take sha'awar rayuwarsu, yana gyara wannan ma'aunin fiye da kowace nasiha. Binciken da Marika Tiggemann ta Jami'ar Flinders a Ostireliya ta daɗe tana yi ya nuna wani abu mai kwantar da hankali a nan: rashin gamsuwar mata da jikinsu ba ya canzawa sosai da shekaru, amma muhimmancin da suke ba kamannin yana raguwa, kuma manyan mata sukan fi 'yan mata godiya ga jikin nasu. Shekarun canjin su ne masu zafi, ba abin da ke bayansu ba.

Idon mutane kuwa ba a gyara shi da man shafawa, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa mace ita kaɗai nauyin gyara shi. Duk da haka akwai abin da yake hannunta. Batun aikin tarbar baƙi batu ne na ofis, don haka a ofis ake warware shi: ta je wurin shugabar makarantar ta ce, "Ranki ya daɗe, na ga an sauya ni daga aikin da nake yi, ina so in san ko akwai inda na gaza ne don in gyara." Tambaya irin wannan tana tilasta wa mai yanke hukunci ya kawo dalili, kuma sau da yawa a nan ne yake gane cewa ba shi da shi. Kulawar da a da take zuwa ba tare da an nema ba, yanzu sai an neme ta da baki, wannan kuwa sabon abu ne ga macen da ba ta saba ba, amma ana koyonsa. A cikin gida ma haka ne. Miji yakan yi ba'a da furfurar matarsa yana ganin raha ce, ita kuma ta yi dariya ta haɗiye. Gara ta faɗa masa sau ɗaya a fili, a lokacin da ba a cikin faɗa ake ba, cewa wannan wasan yana yi mata ciwo. Haka nan bushewar gaba da jin zafi wajen saduwa, wanda raguwar istirojin ke kawowa ga mata da yawa, yakan sa mace ta janye jiki, mijin ya ɗauka ƙi ne, ita ma ta ɗauka ya daina sha'awarta, alhali abu ne mai magani wanda kunya kawai ta hana a ambata.

Akwai kuma inda damuwar take wuce batun kamanni. Shekarun da ke gab da ɗaukewar al'ada lokaci ne da haɗarin ciwon damuwa yake ƙaruwa ga mata, musamman wadda ta taɓa yin sa a baya. Idan malamar nan ta yi mako biyu ko fiye tana cikin ƙunci kusan kullum, abubuwan da take jin daɗinsu sun daina yi mata daɗi, ci da barci sun rikice, tana jin ba ta da wani amfani, to ba furfura ce matsalar ba, kuma ya kamata ta ga likita. Ya kamata kuma a duba jininta, domin ƙarancin jini, wanda yawan zubar al'ada a waɗannan shekarun ke jawowa, da raunin wata gaɓa ta wuya da ake kira tayirod, dukansu suna kawo kasala da zubewar gashi da bushewar fata, kuma mata da dama sukan shekara suna ɗora wa tsufa laifin abin da gwajin jini ɗaya zai nuna.